Na bar lemo mai sukari na koma marar sukari, yanzu an ce shi ma yana hawar da suga

Kabiru M.: Assalamu alaikum jama'a. Wata uku da suka wuce aka auna min suga da safe kafin in sa komai a baki, ya nuna 112. Likita ya ce ban kamu ba tukuna, amma ina bakin iyaka. Ni kuwa mutum ne da kullum sai na sha lemon gwangwani biyu, ɗaya da rana ɗaya da dare. Da na ga ba zan iya rabuwa da shi gaba ɗaya ba, sai na koma irin marar sukarin nan. Jiya kuma wani abokin aikina ya turo min wani rubutu, wai an yi bincike an gano sinadarin zaƙin da ke ciki yana ɓata ƙwayoyin bakteriyar hanji, yana ƙara yunwa, ƙarshenta ma ya hawar da suga fiye da sukarin kansa. Wallahi na rasa tudun dafawa. In koma wa na da ɗin ne, ko yaya?

Hajiya Rabi: Wa alaikumus salam. Ɗana, shekarata 11 da ciwon suga. A wajena duk abin da ya yi zaƙi a baki sukari ne, ko me suka rubuta a jikin gwangwanin. Dabarar 'yan kasuwa ce kawai. Ka bar su duka ka sha ruwa.

Auwal Ɗanjuma: Rubutun da aka turo maka ba ƙarya ba ne. Binciken na nan, a cibiyar Weizmann ta Isra'ila aka yi shi, ya fito a mujallar Nature a 2014. Sun ba ɓeraye sinadarin zaƙi, jikinsu ya daina iya sarrafa sukari yadda ya kamata. Sai suka ɗebi bayan gidan ɓerayen suka dasa wa wasu ɓerayen da aka raina ba bakteriya ko ɗaya a cikinsu, su ma suka kamu da matsalar. Ka ga ke nan daga hanji abin yake. Sun gwada a mutane ma, fiye da rabinsu sugansu ya lalace. Ni a ganina da ka sha na ƙarya gara ka sha na gaskiya kaɗan, aƙalla shi jiki ya san shi.

Dakta Zulai: Malam Auwal, ka kawo labarin daidai har zuwa wajen mutanen, amma ka faɗa wa jama'a su nawa ne. Mutum bakwai ne. Huɗu daga cikinsu ne sugansu ya nuna canji, uku ba abin da ya same su. Abin da aka ba su kuma sakarin ne, na kusan mako guda, a iyakar adadin da hukuma ta yarda a sha a rana. Yawancin gwajin ɓerayen ma da sakarin aka yi. Shi kuwa sakarin ba shi ne ake sa wa yawancin lemon gwangwani marar sukari a yau ba.

Malam Kabiru, kafin mu yi nisa, don Allah ɗauko gwangwanin ka duba jerin kayan haɗin. Idan sunayen sun yi maka wuyar karantawa, ka nemi lambobi masu farawa da E. E951 asfatam ke nan, E950 asesulfam, E955 sukuralos, E954 sakarin, E960 kuma sitibiya. Na nace a kan haka ne saboda zaƙi kaɗai ya haɗa waɗannan abubuwan, amma hanyar da kowanne yake bi a jiki daban ce.

Kabiru M.: Na duba Dakta. E951 da E950 ne a jiki.

Dakta Zulai: Yawwa, haɗin da ya fi yawa ke nan. Shi asfatam tun a ƙaramin hanji yake wargajewa ya koma ɓangarorin da ake samu a abinci na yau da kullum, jini ya kwashe su. Ba ya isa babban hanji da siffarsa, alhali can ne taron bakteriyar suke. Asesulfam jini yake shiga ya fita ta fitsari kusan yadda ya shigo. Sukuralos ne ke bin doguwar hanya, wajen kashi 85 cikin ɗari nasa jiki ba ya tsotsa, sai ya ratsa hanji kaf ya fita, don haka shi ne ya fi samun damar zama da bakteriyar.

Masu binciken Weizmann ɗin sun dawo a 2022 da aiki mafi girma, ya fito a mujallar Cell, kuma shi ya fi cancanta mu tsaya a kansa. Sun tantance mutum fiye da 1,300 kafin su sami 120 masu lafiya waɗanda ba sa ta'ammali da sinadarin zaƙi kwata-kwata, don da yawa suna sha a cikin kayayyaki ba su ma sani ba. Aka kasa su gida shida, ashirin-ashirin. Gida huɗu aka ba su sakarin, sukuralos, asfatam ko sitibiya na mako biyu, ƙasa da iyakar da aka ƙayyade. Ragowar gida biyun na kwatantawa ne. Kowa na ɗauke da 'yar na'urar auna suga da ake mannawa a fata, lokaci-lokaci kuma su sha gulukos giram 50 a ga yadda jikinsu zai sauke shi.

Masu sakarin da masu sukuralos sugansu ya fi tashi bayan shan gulukos ɗin idan aka kwatanta da sauran. Masu asfatam da masu sitibiya, a matsayin rukuni, ba a ga wannan canjin ba. Asesulfam kuwa ba a ma sa shi a gwajin ba.

Auwal Ɗanjuma: Amma Dakta kin tsallake wani abu. A wannan binciken na 2022 duka huɗun sun canza bakteriyar hanji, har da asfatam ɗin da kika ce ba ya isa can. To ta ina ya bi?

Dakta Zulai: Gaskiyarka, haka suka ruwaito, kuma tambayar na nan a buɗe tsakanin masu binciken kansu. Abin da nake so a riƙe shi ne, canzawa daban, lalacewa daban. Bakteriyar hanji suna canzawa idan ka canza abinci na kwana biyu, ko ka sha maganin kashe ƙwayoyin cuta, ko ka yi tafiya. Har yau ba a yi ittifaƙi a kan wane haɗin bakteriya ne za a nuna a ce ga na mai lafiya ba. Shi ya sa na fi kallon abin da ya faru da sugan, don shi ana iya auna shi a san inda ya dosa.

Akwai kuma binciken da bai goyi bayansu ba. A Jami'ar Jihar Ohio ta Amurka, a 2021, an ba wasu masu lafiya sakarin miligiram 400 kullum na mako biyu, ba a ga canji a bakteriya ba, ba a gani a suga ba. Bambancin da na fi lura da shi, su a cikin ƙwanso suka ba da shi tsantsarsa aka haɗiye. Na Weizmann kuwa ƙunshin gari ne irin na zubawa a shayi, wanda aka cika da gulukos don ya yi auki. Sun yi la'akari da haka, sun ba gida ɗaya gulukos ɗin zalla, amma duk da haka abin da aka gwada haɗin biyun ne. A Jami'ar Yale ma a 2020 an ga sukuralos shi kaɗai bai yi komai ba, sai da aka haɗa shi da wani garin sitaci sannan jikin masu sha ya rage jin insulin. Wannan ma ƙaramin gwaji ne, kuma an yi ta cece-kuce a kan lissafinsa.

Malam Isiyaku: Ni fa ji na yi Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce asfatam yana kawo ciwon daji. In haka ne me ake ta dogon turanci a kan suga?

Bashir Nas: Malam, wannan wata magana ce daban. A Yulin 2023 sashen hukumar mai binciken daji ya sa shi a rukunin 2B, wato rukunin abubuwan da ake zargi amma hujjar ba ta yi ƙarfi ba. A lokaci guda kwamitin da ke sa iyaka ya bar ta inda take, miligiram 40 a kowane kilo na nauyin mutum a rana. Yaya Kabiru kilo nawa kake?

Kabiru M.: 85.

Bashir Nas: To iyakarka 3,400 ke nan a rana. Gwangwani ɗaya bai cika wuce miligiram 200 zuwa 300 ba. Biyun da kake sha ko kashi ɗaya cikin biyar na iyakar ba su kai ba. Waɗanda aka hana asfatam ɗungurungum su ne masu wata cutar gado da ake kira PKU, shi ya sa ake rubuta gargaɗi a jikin gwangwanin.

Nafisa A.: Ku bar ni da maganar yunwa, don ita na sani a jikina. Na yi wata shida ina shan marar sukari, ko kilo ɗaya ban rage ba. Idan na sha da yamma, kafin dare sai na ji kamar an yashe min ciki, in ta neman abin taunawa. Wannan ba sai an kawo min bincike ba, ni na ji.

Auwal Ɗanjuma: To kun ji. Harshe ya ji zaƙi, ya aika wa jiki cewa sukari na tafe, insulin ya fito, sukari bai zo ba, sai suga ya faɗi, yunwa ta taso. Haka abin yake aiki.

Dakta Zulai: Wannan bayanin yana da daɗin ji, kuma an daɗe ana yawo da shi, sai dai da aka auna jinin mutane bayan sun sha lemo mai asfatam shi kaɗai, yawancin gwaje-gwajen ba su ga insulin ya yi wani tashin kirki ba, sugan ma bai faɗi ba.

Amma ba na ƙaryata Nafisa. A 2025 wasu a Jami'ar Kudancin California sun ba mutum 75 abin sha kala uku a ranaku daban-daban: ruwa zalla, ruwa mai sukari, da ruwa mai sukuralos, suna ɗaukar hoton ƙwaƙwalwarsu. Sukuralos ya motsa sashen ƙwaƙwalwar da ke kula da yunwa fiye da sauran biyun. Da aka tambaye su yadda suke ji, sun fi jin yunwa bayan sukuralos a kan bayan sukari. Amma tsakanin sukuralos da ruwa zalla, yunwar da suka faɗa ba ta bambanta ba. Wato mai sukarin abinci ne, ya tsaya a ciki na ɗan lokaci, marar sukarin kuwa bai ƙosar da komai ba. 'Yar'uwa Nafisa, da kina shan mai sukari a daidai wannan lokacin na yamma?

Nafisa A.: Eh, kullum bayan na tashi daga aiki.

Dakta Zulai: To jikinki ya saba da samun kalori wajen 140 a wannan lokacin, kika janye masa. Yunwar gaskiya ce. Tambayar ita ce me kika cike gurbin da shi. Idan abin taunawar ya kai kalori 140 ko ya fi, sikeli ba zai motsa ba. Akwai kuma lissafin da zuciya ke yi wa mutum, cewa ai na sha marar sukari, bari in ƙara loma biyu.

Nafisa A.: Loma biyun na amsa laifina. Amma ni dai har yanzu ina ganin lemon da kansa yana tsokano min kwaɗayin zaƙi. Ranar da na sha ruwa ba na jin haka.

Dakta Zulai: Zai iya yiwuwa a kanki, mutane ba ɗaya ba ne. Abin da zan iya cewa shi ne, da yunwar nan tana cinye ribar gaba ɗaya ga kowa da kowa, da an gani a gwaje-gwaje masu tsawo. A Netherlands an ba yara 641 gwangwani ɗaya kullum na wata 18, wasu mai sukari wasu marar sukari, ba wanda ya san wanne yake sha. Duka sun ƙara nauyi tunda yara ne masu girma, amma masu marar sukarin sun ƙara kilo 6.35, masu sukarin 7.37. An buga shi a 2012. A Amurka kuma an bi manya 303 masu neman rage ƙiba na shekara guda, rabi aka ce su sha ruwa, rabi lemo marar sukari. Masu lemon sun rage wajen kilo 6, masu ruwan wajen biyu da rabi.

Auwal Ɗanjuma: Wa ya biya kuɗin wannan na biyun?

Dakta Zulai: Ƙungiyar kamfanonin lemo ta Amurka, kuma ya dace a faɗa. Akwai ma wani aibin da ya fi wannan: duk waɗanda aka ɗauka dama can masu shan lemo marar sukari ne. Masu ruwan raba su aka yi da abin da suka saba, ga kuma takurar rage abinci. Don haka ba zan ɗauko shi in ce lemon ya fi ruwa ba. A Iran an yi wani gwajin da mata, waɗanda suka bar lemon suka koma ruwa su ne suka ɗan fi rage nauyi. Abin da dai ban gani a irin waɗannan gwaje-gwajen ba shi ne masu marar sukari su fi masu sukari ƙiba.

Malam Isiyaku: To me ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada a sha don rage ƙiba? Wannan kam na tabbata na ji.

Dakta Zulai: Ka ji daidai Malam, a Mayun 2023 ne. Sun jingina ne da binciken da ake bin dubban mutane shekara da shekaru ana rubuta abin da suke ci. Irin na Faransa, mai mutum fiye da 100,000, ya nuna waɗanda suka fi shan sinadarin zaƙi sun fi kamuwa da ciwon suga. Matsalar irin wannan lissafin, ga ta nan a gabanmu, ita ce Malam Kabiru. Sai da sugansa ya kai 112 sannan ya koma marar sukari. Idan, Allah ya kiyaye, ya kamu nan da shekara biyar, a takardar masu bincike zai fito a matsayin mai shan marar sukari da ya kamu, alhali tsoron ciwon ne ya kai shi ga lemon. Suna ƙoƙarin tace wannan da lissafi, amma ba ya tacewa tas. Shi ya sa hukumar da kanta ta kira shawarar mai sharaɗi, ta kuma ce ba ta shafi waɗanda suka riga suka kamu da ciwon suga ba. Ba inda ta ce a koma wa sukari, cewa ta yi a rage zaƙin gaba ɗaya.

Hajiya Rabi: 'Yata Zulai, jiya da na karanta bayananki sai na ce bari in gwada da kaina. Da safe na auna 131, na sha rabin gwangwanin jikata marar sukari, bayan awa ɗaya na auna 127. To na janye maganata ta cewa sukari ne a ciki. Amma ruwa dai ya fi, a nan ban janye ba.

Bashir Nas: Mama, a kan ruwa ba mai ja da ke. Sai dai abu ɗaya tunda kina shan magani: ranar da suganki ya faɗi ƙasa da 70, kika ji rawar jiki da gumi, kada a kuskura a miƙo miki marar sukari. Na taɓa karɓar wani dattijo da iyalinsa suka yi ta ɗura masa shi suna mamakin me ya sa bai farfaɗo ba. A wannan halin mai sukarin ake nema, wajen giram 15, kusan rabin gwangwani, in dai mutum yana cikin hayyacinsa yana iya haɗiya.

Kabiru M.: Ke nan ni ma in yi irin gwajin Hajiya in huta?

Dakta Zulai: Gwajin Hajiya ya amsa tambaya ɗaya ce kawai, wato ko lemon yana hawar da suga nan take. Abin da 'yan Weizmann suke magana a kai daban ne: ko shan sa na makonni yana canza yadda jiki ke sauke sukarin da ka ci daga baya. Wannan na'urar gida ba za ta nuna maka shi da sauƙi ba, don an yarda mata ta kauce da kashi 15 cikin ɗari. Jinin da yake 112 na iya fitowa 98 yanzu, anjima ya fito 125, ba tare da komai ya canza ba. Rashin barcin dare ɗaya ma yana motsa shi. Gara ka nemi gwajin HbA1c, wanda ke nuna matsakaicin suga na wata biyu zuwa uku. Daga 5.7 zuwa 6.4 shi ne bakin iyakar. Ka yi yanzu, ka sake bayan wata uku, ka riƙa rubuta nauyinka.

Sannan ka yi wannan lissafin. Lemon kola mai sukari na mililita 330 yana ɗauke da giram 35. Biyu a rana giram 70, a wata kilo biyu da ɗoriya, a shekara ya haura kilo 25 na sukari, narkakke, mai shiga jini da gudu. Illar wannan ga mai 112 ba a muhawara a kanta. A ɗaya hannun kuma kana da zargi daga gwajin mako biyu, mutum ashirin a kowane gida, wanda ma ya fi nuna yatsa ga sinadarai biyun da babu su a gwangwaninka. Da ni ce ba zan koma ba. Zan mayar da na daren ruwa, in bar na ranar har in ga sakamakon gwajin.

Auwal Ɗanjuma: Na yarda kada ya koma wa mai sukari, wannan na sauka. Amma mako biyu fa takobi ne mai kaifi biyu, Dakta. In bai isa ya tabbatar da illa ba, bai isa ya wanke su ba. Mutane shekara ashirin suke yi suna shan abin nan, kuma asesulfam ɗin da ke gwangwaninsa ke da bakinki kika ce ba a gwada shi a can ba.

Dakta Zulai: Ban ja ba. Shi ya sa na ce ya rage zuwa ɗaya.

Kabiru M.: Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya saka. Na daren zan fara bari daga yau, gwajin kuma zan je ranar Litinin. Tambaya ta ƙarshe, yanzu na duba ƙunshin garin zaƙin da nake zubawa a shayi da safe, E955 ne a jiki, kuma abu na farko a jerin kayan haɗin gulukos ne. Uku nake sawa a kofi ɗaya. Shi kuma fa?

Auwal Ɗanjuma: To fa. Dakta, ga irin na Weizmann ɗin sak ya fito.